Ɗage Darasin Yamma Bayan Fashewar Bututun Ruwa: Yadda Sanarwar Wata Malama ta Kasance

Yadda ajin yake

Malamar tana koya wa manya yadda ake rubuta lissafin shige da fice na ƙaramar sana'a. Kwas ne na mako 10, ana zama sau ɗaya a mako, ranar Talata daga ƙarfe 6:00 zuwa 8:00 na yamma. Ɗalibai 22 ne, kusan dukansu masu aiki ne da rana, daga wurin aikin suke wucewa aji. Waɗanda suka fi nisa kan kama hanya tun 4:30, wasu kuma sai sun sami wanda zai riƙe musu yara ko ya tsare musu shago kafin su fito.

Ɗakin karatun ba nata ba ne. Haya take yi a hawa na biyu na wani gini da ake ba ƙungiyoyi daban-daban, kuma akwai mai kula da ginin da ke riƙe da littafin da ake rubuta wanda ya kama kowane ɗaki da lokacinsa. Duk ranar da ba Talata ba, sai ta tambaye shi.

Hanyar sadarwarta da ɗalibai guruf ne na WhatsApp, amma mutum 16 ne kawai a ciki. Sauran 6 ƙananan wayoyi gare su, sai kira ko saƙon tes. Lambobinsu na cikin rajistar aji, sai dai ba ta taɓa buƙatar kiransu ba, domin duk wata sanarwa a baki take faɗa a ƙarshen darasi. Tana da wata al'ada kuma da ta shafi abin da ya biyo baya: kowace Talata da rana takan aika saƙon tuni a guruf, wanda ke farawa da gaisuwa sannan ya ambaci darasin ranar.

Abin ya faru a mako na 7, saura mako 3 a yi gwajin ƙarshe.

Talata 12 ga wata, da rana: ruwa a silin

Wajen ƙarfe 3:10 bututun ruwan da ya ratsa ta saman ɗakin ya fashe a mahaɗa. Ruwa ya taru a kan silin, ya fara ɗiga ta gefen fitilu biyu, sannan makashin wuta na hawan ya faɗi da kansa. Mai kula da ginin ya rufe ruwan, ya kashe wutar hawan gaba ɗaya, ya kulle ɗakin. Da ƙarfe 3:40 ya kira malamar. Ya ce mata yau kam ba zai yiwu ba, amma yana ganin “gobe ko jibi za a gyara”.

Daga 3:40 zuwa 4:05 ba ta sanar da kowa ba. Minti 25 ɗin sun tafi ne a kiran wurare biyu ko za ta sami wani ɗakin na wannan yammacin, ba ta samu ba, sannan ta zauna tsara kalmomin ban haƙuri. Da 4:05 ta tura wannan a guruf:

“Barkanmu da yamma ɗalibaina masu daraja, da fatan kowa yana lafiya. Game da darasinmu na yau da ƙarfe 6, ina mai matuƙar baƙin cikin sanar da ku cewa an sami wata matsala da ba a zata ba a wurin da muke karatu. Na yi iya ƙoƙarina in samo mana wani wuri amma abin ya ci tura. Na san yadda kowannenku ke barin ayyukansa domin ya zo, kuma ban ji daɗin hakan ba ko kaɗan. Don haka ba za mu sami damar zama yau ba. Wataƙila mu haɗu ranar Alhamis idan an gyara. Ku yi haƙuri don Allah.”

Ba ta aika tes ba, ba ta kira kowa ba, ba ta kuma nemi a amsa mata ba. Mutum biyar suka rubuta “ba komai Malama”, ta ɗauka saƙo ya kai, ta ci gaba da harkokinta a gida.

Talata da yamma: mutum 7 a ƙofa

Tsakanin 5:45 da 6:15 ɗalibai 7 suka iso ginin. Babu takarda a ƙofa, malamar ba ta nan, mai gadi ne ya ce musu an rufe sama. Da aka bi diddigi daga baya, ga yadda suka kasu. Mutum 4 daga cikin masu ƙananan wayoyi ne, ba su ji komai ba. Sauran biyun masu ƙananan wayoyi ba su zo ba, domin abokan zamansu sun kira su sun gaya musu. Mutum 1 yana guruf amma datarsa a kashe take tun safe. Mutum 2 kuwa sun ga saƙon da idonsu.

Batun waɗannan biyun ya fi ɗaukar hankali. Idan saƙo ya shigo waya a kulle, farkonsa kawai ake gani a fuskar wayar, layi ɗaya ko biyu. Abin da suka gani shi ne gaisuwa da “Game da darasinmu na yau da ƙarfe 6”, wato daidai yadda saƙon tunin kowace Talata ke farawa. Ɗaya tana tsakiyar sallamar masu saye, ɗayan yana kan hanya. Duka biyun suka ce a ransu Malama tana tuni ne, suka mayar da waya aljihu. Jimlar da ke cewa babu zama ita ce ta biyar a cikin saƙon.

Ɗaya daga cikin masu ƙananan wayoyin ya kira ta daga bakin ƙofa, ya ce: “Malama, ga mu nan mun zo, an ce ba aji. Da kin bugo mana ai da ba mu taso ba.” Shi tafiyar sa'a ɗaya da rabi ya yi, kuma zai sake yin irinta ya koma.

Daren Talata zuwa Laraba 13: ƙuri'ar zaɓen rana

Saboda abin da ya faru, malamar ta ga ya kamata ta bar wa ɗalibai su zaɓi ranar ramuwa da kansu. Da 8:30 na dare ta sa ƙuri'a a guruf da zaɓi huɗu: Juma'a, Asabar, Litinin, ko Laraba ta mako mai zuwa. Ba ta sa Alhamis ba, amma ba ta ce an fasa Alhamis ɗin da ta ambata da rana ba. Ba ta kuma tambayi mai kula da ginin ko ɗakin na hannun wani a waɗannan ranakun ba.

Zuwa tsakar ranar Laraba mutum 13 sun zaɓa: Asabar 5, Litinin 4, Juma'a 3, Laraba 1. Masu ƙananan wayoyi ba su san ana yi ba. A ƙarƙashin ƙuri'ar aka yi ta musayar magana, wani ya ce Asabar da safe, wata ta ce da safe ba za ta samu ba, wani ya tambaya ko maganar Alhamis tana nan. Saƙonni sama da 40 suka taru a kan sanarwar farko har ta ɓace a sama.

Da 2:00 na rana ta kira mai kula da ginin ta ce Asabar suke so. Ya buɗe littafinsa ya ce wata ƙungiya ta kama ɗakin ranar Asabar tun safe har dare, wata guda da ya wuce. Ranar da ta fi samun ƙuri'a ta faɗi ke nan. A daidai lokacin kuma ta sami labarin cewa ɗalibai 2 sun riga sun yi musayar aiki da abokan aikinsu domin su sami yammacin Alhamis, saboda “wataƙila” ɗin da ta rubuta.

Laraba da yamma: zuwa ganin ɗakin

Da 4:00 ta tafi ginin da kanta. An riga an ɗaure bututun, ruwa ya daina zuba, kuma wannan ne mai kula da ginin yake nufi da gyara. Amma allunan silin guda uku sun jiƙe sun kumbura, ɗaya ya lanƙwaso a saman layin kujerun tsakiya. Mai gyaran wuta yana wurin. Ya ce mata ba zai mayar da wutar hawan ba sai akwatunan mahaɗar waya da mariƙan fitilun sun bushe, sannan ya auna da mita ya tabbatar wuta ba ta zurarewa. Idan aka kunna da danshi a ciki, ko dai makashin ya ci gaba da faɗuwa a tsakiyar darasi, ko kuma wani ya taɓa abin da zai ja shi. Ya ce zai auna ranar Alhamis da hantsi, kafin nan ba zai yi alkawari ba. Allunan kuma kafinta ne zai sauya su, ba zai samu zuwa ba sai Juma'a.

A nan ta gane cewa Alhamis da Juma'a ma sun faɗi. Ta duba littafin tare da mai kula da ginin, suka ga yammacin Litinin 18 babu kowa. Ta ce ya riƙe mata shi da fensir, ba za ta sanar ba sai ta ji sakamakon awon.

Da 5:15 ta tura saƙo na biyu, gajere:

“BABU AJI RANAR ALHAMIS 14, BABU RANAR ASABAR 16. Kada kowa ya zo. Ba a gama gyaran ɗakin ba, Asabar kuma wasu sun kama shi. Zan sanar da ranar ramuwa gobe Alhamis kafin 12:00 na rana. Ku yi haƙuri da ruɗanin da ƙuri'ar ta jawo.”

Wannan karon ta tura wa mutum 6 ɗin ta tes, sannan ta kira ɗaliban nan 2 da suka yi musayar aiki domin su warware tun da wuri. Ɗaya ya iya warwarewa. Ɗayar ba ta iya ba, yammacin Alhamis ɗinta ya tafi a banza. Ƙuri'ar kuwa tana nan a guruf, malamar ba ta goge ta ba.

Alhamis 14: sanarwar ƙarshe

Da 11:00 mai gyaran wuta ya auna, ya mayar da wuta, makashin bai faɗi ba. Mai kula da ginin ya rubuta sunan ajin da biro a gurbin Litinin, ya kuma tura mata saƙo a rubuce cewa ɗakin nata ne daga 6:00 zuwa 8:00. Da 11:40 ta fitar da sanarwar:

“DARASIN TALATA 12 YA KOMA LITININ 18 GA WATA, ƙarfe 6:00 zuwa 8:00 na yamma, a ɗakinmu na kullum.
Darasin Talata 19 yana nan yadda yake. Wato mako mai zuwa za mu zauna sau biyu, Litinin da Talata.
Dalili: bututun ruwa ya fashe a saman ɗakin, ruwa ya shiga wayoyin wuta. An gyara, an auna wutar yau, gobe za a sauya silin.
Ina ba ku haƙuri, musamman ku 7 da kuka taso ranar Talata kuka tarar da ƙofa a rufe. Ya kamata a ce na kira ku.
Wanda ba zai sami Litinin ba, zan ba shi takardar darasin, kuma zan zo 5:30 ranar Talata mu bi ta tare.
Kowa ya amsa da ZAN ZO ko BA ZAN SAMU BA kafin 6:00 na yammacin yau.”

Ta maƙale saƙon a saman guruf domin kada hira ta binne shi. Na masu ƙananan wayoyi ta rubuta shi daban, ta matse shi ya shiga saƙo ɗaya. Tes ɗaya na ɗaukar haruffa 160 idan na yau da kullum ne, amma da zarar an sa harafi mai lanƙwasa kamar ƙ ko ɗ, iyakar takan sauko zuwa 70, saƙon ya rabu gida biyu ko uku, wasu tsofaffin wayoyin kuma su nuna akwati a gurbin harafin. Saboda haka ta rubuta shi haka:

“Darasin Talata 12 ya koma LITININ 18, karfe 6-8 na yamma, a dakinmu. Talata 19 akwai aji. Ku yi hakuri. Amsa: ZAN ZO ko BA ZAN SAMU BA. Malama”

Sai ta ɗauko rajista, tana sa alama a gaban sunan duk wanda ya amsa. Ba ta dogara da alamar an karanta ba, ko da yake WhatsApp na nuna wa mai saƙo waɗanda suka buɗe shi a guruf. Buɗe guruf mai cike da saƙonni kan sa a lissafa mutum cikin waɗanda suka karanta ko da idonsa bai tsaya a kan sanarwar ba. Zuwa 6:00 mutum 14 sun amsa. Ta kira sauran 8 ɗaya bayan ɗaya, ta sami 6. Mutum 2 wayoyinsu a kashe. Ɗaya ta aika masa ta bakin wanda suke aiki tare. Ɗayan ba ta da wata hanyar samunsa.

Abu na ƙarshe da ta yi a ranar shi ne rubuta layi biyu na farkon sanarwar da manyan baƙaƙe a takarda, ta roƙi mai gadi ya manna ta a ƙofar shiga ta ƙasa, tunda wanda ya zo ba zai iya hawa sama ya ga ƙofar ɗakin ba.

Asabar 16 zuwa Talata 19: yadda ta ƙare

Babu wanda ya zo Alhamis. Ranar Asabar mutum 1 ya zo, shi ne wanda ba a samu a waya ba. Ya ga ƙuri'ar tun daren Talata lokacin da Asabar ke kan gaba, daga nan wayarsa ta lalace, ya ɗauka magana ta zauna a haka. Ya karanta takardar ƙofa ya koma, ranar Litinin kuma ya dawo.

Ranar Litinin ɗalibai 19 suka halarta. Mutum 3 da ba su zo ba duk sun faɗa tun Alhamis. Biyu daga cikinsu suka zo 5:30 ranar Talata, ɗayar ta karɓi takarda kawai. Da yake darasi biyu sun zo a jere, ba a sami mako guda na yin aikin gida tsakaninsu ba, malamar ta haɗe aikin gidan darasi na 7 da na 8 ta ce a kawo a mako na 9. Ranar gwaji ba ta motsa ba.

Hukunci

Fashewar bututu ba laifinta ba ce, kuma ko wace irin sanarwa ta rubuta, darasin Talata ya riga ya tafi. Abin da ke hannunta shi ne tafiyar banza 8 da aka yi (7 ranar Talata, 1 ranar Asabar) da yammacin Alhamis ɗin mutum 1, kuma kusan dukansu daga wuri ɗaya suka fito. Sanarwar ɗage darasi ayyuka biyu take yi, kowanne da nasa lokacin. Na farko shi ne hana mutane tasowa, wanda ake auna shi da mintoci, kuma ba ya buƙatar sanin komai sai cewa yau babu zama. Na biyu shi ne tsayar da sabuwar rana, wanda ba ya yiwuwa sai mai gyara ya yi magana kuma mai littafi ya rubuta. Malamar ta nemi yin duka biyun a saƙo ɗaya. Na farkon ya makara da minti 25 saboda tana neman wani ɗakin da tsara ban haƙuri, na biyun kuma ya fito da “wataƙila” saboda ba ta da tabbacinsa. Da ta tura layi ɗaya da 3:42, ta kira mutum 6 ɗin nan a minti goma da suka biyo baya, da mai yiwuwa mutum 1 ne kawai, mai data a kashe, zai isa ƙofar.

Ban haƙurin farko ba ƙarya ba ne, ya fito daga zuciya. Matsalarsa wurin da ya zauna: ya cinye layukan da waya ke nunawa, kuma ya fi magana a kan yadda malamar ta ji. Na ƙarshen jimla biyu ne kawai, amma ya ambaci mutanen da abin ya shafa, ya faɗi abin da ya kamata a yi musu, ya zo da ramuwa mai rana da lokaci. Ina ganin shi ya sa ɗalibin da ya yi ƙorafi a waya ranar Talata bai sake ɗaga maganar ba.

Ƙuri'ar ita ce ta fi kama da adalci, ita ce kuma ta fi ɓarna. Ta ba mutane zaɓin ranakun da ba a hannun malamar suke ba, ta bar mutum 6 a waje, ta kuma zauna a guruf bayan maganarta ta mutu har ta kawo mutum ranar Asabar. Tambayar ɗalibai tana da amfani idan akwai ranaku biyu da mai ginin ya riga ya tabbatar, kuma za a ji ta bakin kowa. A nan rana ɗaya ce tak ta rage.

Akwai abin da ko sanarwar ƙarshen ba ta rufe ba. Sanarwar ta fita ranar Alhamis alhali ba a sauya silin ba sai Juma'a. Da kafintan bai zo ba, da sai an sake ɗagewa karo na uku, kuma sanarwar ba ta faɗi lokacin da za a sake tabbatarwa ba. Layi ɗaya da ke cewa za a aiko da tabbaci ranar Litinin da 12:00 na rana zai toshe wannan gurbin. Kafintan ya zo, shi ya sa ba a ga giɓin ba.